Sa Hannun Ranar Alhamis

Kwana goma sha ɗaya da yin zaɓe Ma'aji bai rubuta wasiƙar ba, kuma ba don bai iya ba ne. Mutumin da ya yi shekara talatin yana zanen taswira a ofishin safiyo, ya kuma yi ashirin da biyu yana riƙe da asusun kulob ɗin ƙwallon tebur, ba wasiƙa mai sakin layi uku ce za ta gagare shi ba. Kullum da safe sai ya goge teburinsa, ya fito da takarda mai tambarin kulob, ya cire murfin biro, sannan ya tuna bai wanke kofi ba. Kofin nan guda ɗaya ne tak, tun da matarsa ta rasu 'ya'yan suka watse garuruwan aikinsu, amma ya sha wanki a kwanakin nan har ya fara koɗewa.

Abin da ake so a rubuta ba shi da wuya. Banki ya san mutum uku a kan asusun kulob, Shugaba da Sakatare da Ma'aji, kuma ƙa'idar da aka ajiye ita ce sai biyu daga cikinsu sun sa hannu kafin kuɗi ya fita. Sakataren ya bi ɗansa ƙasar waje shekara tara da suka wuce, ba wanda ya damu ya cire sunansa. Saura mutum biyu ke nan. Saboda haka kowace Alhamis da ƙarfe huɗu Ma'aji kan sa farar rigarsa, ya saƙale koren fayil a hammata, ya hau bas, ya sauka a bakin gidan mai, ya taka zuwa gida mai shuɗin get. A barandar gidan akwai kujera biyu da ɗan tebur. Shugaba kan sa hannu a cek ɗin da ake buƙata, ya ɗauki lemo ya fere shi da wata 'yar wuƙa mai jan mariƙi, ya raba biyu, kowa ya sha rabi. Daga nan sai su zagi alƙalan wasan zamani har rana ta yi sanyi.

Ba kowane mako ne ake da cek ba, amma fayil bai taɓa zuwa fayau ba. In babu cek akwai rasit ɗin da ya kamata Shugaba ya gani, in babu rasit akwai takardar bayanin asusu. Shekara ashirin da biyu Ma'aji bai taɓa shiga gidan nan hannu rabbana ba, kuma da za ka tambaye shi ko abokai ne, da ya ɓata rai ya ce maka aiki ne ya haɗa su. Ko sunan juna ba sa kira. Wannan ya ce Shugaba, wancan ya ce Ma'aji, an gama.

Sai ga zaɓe ya zo. Shugaba, wanda tsohon malamin wasanni ne, ya shigo zauren da sanda, domin ciwon shanyewar ɓarin jiki da ya taɓa shi bara ya bar masa ƙafar hagu tana jan ƙasa. Ya sami ƙuri'a tara. Wani matashi da ake ce wa Injiniya ya sami arba'in da ɗaya. Shi kuwa Ma'aji ya koma kujerarsa ba hamayya, ba don an fi son sa ba, sai don ba mai son aikin. Aka tafa, aka ɗauki hoto, aka ce Ma'aji ya rubuta wa banki a canza masu sa hannu. Shi ne ya je gida mai shuɗin get Alhamis ɗin da ta biyo baya da rasit ɗin gyaran fanka, suka sha lemo, ba wanda ya ta da maganar.

Ran kwana na goma sha ɗaya Injiniya ya kira shi.

"Baba Ma'aji, barka da hantsi. Ina aka kwana a maganar banki?"

"Ana kai."

"Baba, ƙarshen wata fa za a rufe rajistar gasa. Kuma ka san ba sa karɓar kuɗi daga aljihun mutum, sai daga asusun kulob. Wata shida 'yan wasanmu suna atisaye."

"To ai da sauƙi," in ji Ma'aji. "Gobe Alhamis. Sai in kai wa Shugaba cek ya sa hannu, a biya, maganar canji kuma a bi ta a hankali."

Injiniya ya yi 'yar dariya irin ta mai ladabi. "Baba, tsarin mulkinmu ya ce daga ranar zaɓe wanda ya sauka ba ya sa hannu a kan kuɗin kulob. Sashe na bakwai. An ce min ma kai ka rubuta shi."

Shi ya rubuta shi kuwa, da hannunsa, a lokacin da yake ganin ba za su taɓa tsufa ba. Ya ajiye wayar ya zauna, cikin minti ashirin ya gama wasiƙar da ta cinye masa kwana goma sha ɗaya.

"Zuwa ga Manaja," ya rubuta, ya sa sunan kulob da lambar asusu a ƙasa. "Muna sanar da ku cewa a babban taron da kulob ya yi an zaɓi sababbin shugabanni. Muna roƙon a cire sunan tsohon Shugaba da na tsohon Sakatare daga masu sa hannu a wannan asusu, a sa na sabon Shugaba da sabuwar Sakatariya. Ma'aji yana nan yadda yake. Ƙa'idar sa hannun mutum biyu ba ta canza ba. Mun haɗo da kwafin rahoton taron da ƙudurin da aka zartar."

A ƙasa ya ja layi biyu, ɗaya nasa, ɗaya na tsohon Shugaba, domin wannan bankin ba ya karɓar umarnin canji sai daga hannun waɗanda ya riga ya sani. Kalmar "a cire" ce ta tsaya masa a rai. Ya gwada "a sauya", ya gwada "a hutar da", ya ga banki ba wurin lallashi ba ne, ya mayar da ita. Ya kai shagon kwamfuta aka buga masa a takarda mai tambari, ya buga hatimi.

Washegari Shugaba ya karanta wasiƙar sau biyu, tabarau a kan karan hanci.

"Ka iya rubutu, Ma'aji. Ko a takardar sallama ba ka kuskure."

"Aiki ne."

"Aiki ne mana. Ba ni biron."

Ya sa hannu da sauri ya rufe fayil ɗin da kansa, ya miƙa masa, ya jawo farantin lemo. Ma'aji bai buɗe ya duba ba. Bai so ya gani.

Ranar Juma'a su uku suka haɗu a banki, shi da Injiniya da sabuwar Sakatariya, wata malamar jinya da ta zo da kayan aikinta tana ta duba agogo. Aka zaunar da su gaban teburin wata ma'aikaciya mai ƙaramar murya. Ta karɓi katin shaidar sababbin, da hotunansu kowa bibbiyu, da takardar kuɗin wuta don tabbatar da adireshi, ta ba su fom suka cike, kowannensu ya sa hannu a katin da banki zai riƙa gwada sa hannunsa da shi. Injiniya ya nemi wani ƙarin fom ya cike, Ma'aji bai tambayi ko na mene ne ba. Sannan ta ɗauki wasiƙar, ta dubi kwamfuta, ta dubi takarda, ta sake duban kwamfuta.

"Baba, naka ya yi daidai. Na ɗayan ne bai yi ba."

"Kamar yaya bai yi ba? A gabana ya sa."

"Ban ce ba shi ya sa ba, Baba. Amma bai zo daidai da wanda muke da shi ba, kuma ba ni da ikon wucewa da shi. A sake bugo wata ya sake sawa a natse."

"Ciwon nan ne," in ji Sakatariya a hankali. "Yakan taɓa hannu ko da ba a lura ba. Allah sarki."

Injiniya ya ce ko za a koma yau ɗin. Ma'aji ya ce dattijo mara lafiya ba a yi masa dirar mikiya, sai Alhamis. Ya fito daga bankin da tausayin Shugaba fal cikinsa, amma ƙarƙashin tausayin akwai wani abu da ya ji kunyarsa, wato murna. An ƙara masa Alhamis ɗaya. A bas har ya kama kansa yana kaɗa ƙafa.

Satin nan ya yi masa tsawo kamar kowane sati. Ɗakinsa a bene na biyu yake, tagar tana kallon bayan wani shagon walda. Da safe yakan sauka ya sayi burodi, mai shagon ya ce "Baba an tashi lafiya," ya ce "lafiya lau," wani lokaci wannan ce maganarsa ta yini gaba ɗaya. 'Yarsa takan kira ranar Lahadi, minti huɗu, rabinsu tana tsawata wa yaranta. Kulob ɗin ma in ya leƙa yanzu, sai a tashi a ba shi kujera a gaishe shi da girmamawa, a koma wasa. Waɗanda suka san lokacin da yake buga ƙwallon nan har ta yi ƙara sun ƙare, saura mutum ɗaya a bayan shuɗin get.

Alhamis ta biyu ya tarar da canji a gidan. An tara kwalaye a falo, an sauke hotunan bango, inda suke ya bar fararen murabba'ai a jikin fenti. Shugaba yana baranda kamar kullum.

"Sun ce bai yi ba," in ji Ma'aji.

"Ka ji su! Hannun nawa ne ko nasu?"

"A natse aka ce ka sa."

Shugaba ya gyara zama, ya hura biron kamar mai shirin babban aiki, ya sa hannu a hankali, ya sake rufe fayil ɗin da kansa. Sannan ya ɗauki lemo da wuƙa. Ma'aji yana kallo ɓawon ya riƙa sauka siriri, zagaye bayan zagaye, bai tsinke ba har ƙarshe, Shugaba ya ɗaga shi sama yana lilo kamar yadda ya saba yi don a yaba. Ma'aji ya yaba. A lokacin bai kawo komai a ransa ba.

Da zai tafi babbar 'yar Shugaba ta rako shi har get. Malamar makaranta ce a wani gari mai nisa, Ma'aji ya san ta tun tana tsince musu ƙwallo a ƙarƙashin tebur.

"Kawu, don Allah ina da magana. Yaushe za a gama da bankin nan?"

"An kusa. Me ya faru?"

"Zuwa na yi in tafi da shi. Ba zai yiwu ya zauna shi kaɗai ba, sau biyu yana faɗuwa a banɗaki bai gaya wa kowa ba. Mun gyara masa ɗaki, asibiti yana kusa da mu. Ya yarda, amma ya ce ƙafarsa ba za ta bar garin nan ba sai ya sauke amanar banki. Hutun da na ɗauka ya kusa ƙarewa, Kawu. Kullum na yi magana sai ya ce min ai laifin banki ne."

Ma'aji ya ce to, in sha Allahu. Ya ji muryarsa ta fito kamar ta wani. Ya wuce bakin gidan mai bai tsaya jiran bas ba, ya yi ta tafiya a ƙasa har ƙafafunsa suka yi zafi. Shugaba zai bar gari, kuma sati biyu ke nan suna zaune kafaɗa da kafaɗa bai gaya masa ba.

Juma'a ya koma banki shi kaɗai. Ma'aikaciyar ta dubi kwamfuta ta dubi takarda, ta yi ajiyar zuciya.

"Baba, yau ma dai."

"'Yata, juyo min allon nan in gani."

Ta tuna shi ma mai sa hannu ne a asusun, ta juyo masa. Ga hoton Shugaba na shekara ashirin da biyu baya, gashi baƙi wuluk, wuya kamar na ɗan dambe, ga sa hannunsa a ƙasa. Ma'aji ya san shi fiye da nasa: harafin farko mai tsayi, ƙananan tuddai uku, sannan wata wutsiya da ke zagayowa ta ƙasa ta dawo hagu ta ja layi a ƙarƙashin sunan duka. Ya fito da wasiƙar farko daga fayil ya jera ta da ta biyu. A ta farko babu wutsiyar sam. A ta biyu akwai ta, amma ta yi sama ta tafi dama.

Ya cire tabarau ya kawo takardar daf da idonsa. Shekara talatin yana duba layin da masu koyon zane suka ja, ya san yadda layin hannu mai rawa yake, yakan yi haƙora-haƙora kamar bakin zarto, tawada ta taru a inda biro ya tsaya. Waɗannan layukan sumul suke, an ja su da numfashi ɗaya. Sai ɓawon lemon jiya ya faɗo masa a rai, yana lilo bai tsinke ba.

"Tsohon banza," ya ce a hankali.

"Na'am, Baba?"

"Ba da ke nake ba, 'yata."

Ta ce akwai mafita. In hannun ne ya canza, a kawo shi da katin shaidarsa ya sabunta sa hannunsa a gabansu, in kuma ba zai iya zuwa ba, a rubuto a nemi ma'aikaci ya je gida, sai dai wannan yakan ɗauki mako biyu ko fi. Ta ƙara da cewa ko an karɓi wasiƙar, sai an yi kwana biyu zuwa uku na aiki kafin canjin ya hau.

Mako biyu ko fi. Ma'aji ya fito ya zauna a kan dakalin da ke gefen bankin yana juya maganar. Ba wanda zai zarge shi. Zai ce wa Injiniya ƙa'idar banki ce, ya ce wa 'yar Shugaba ƙa'idar banki ce, kuma ba ƙarya ya yi ba. Zai sami Alhamis biyu, wataƙila uku. Ya ƙirga kwanakin da yatsa, ya ga ranar rufe rajista ta faɗa a tsakiyarsu. Ya tuna kuma an ce sau biyu a banɗaki, ba kowa a gidan. Ya ji haushin Shugaba, ya ji haushin Injiniya da sashe na bakwai, ya fi jin haushin kansa da ya zauna yana lissafin nan da gaske.

Ranar Litinin ya buga wasiƙa ta uku ya hau bas. Bai taɓa zuwa gidan ba in ba Alhamis ba, har hanyar ta yi masa wani iri, masu shagunan ma kamar ba su ba. Ya tarar da Shugaba a baranda da singileti, bai yi aski ba, yana kallon get. Kujera ta biyu an jingine ta a bango. Ashe haka barandar take sauran kwana shida.

"Lafiya, Ma'aji? Yau Litinin."

"Na sani."

Ya sauke kujerar da kansa ya zauna. Ya buɗe fayil ya jera wasiƙu biyun farko a kan tebur, ya ajiye ta uku a gefensu, ya ɗora biro a kai.

"Wutsiyar, Shugaba. Ƙasa take bi ta dawo hagu."

Shugaba ya dubi takardun ya daɗe. Sannan ya dubi titi.

"Ciwo ne. Ka tambayi likita."

"Ƙafa ciwon ya kama. Hannun da ke fere lemo ɓawo bai tsinke ba, shi ne zai kasa ja min layi ɗaya? Ni za ka yi wa wannan? Ni da na ga sa hannun nan sau dubu?"

"To ka gani ɗin, sai me?" Muryar Shugaba ta tashi, irin wadda yake yi wa ɗalibai a fili. "Kai da ka yi kwana goma sha ɗaya kafin ka rubuta layi shida? Ka ɗauka ban ƙirga ba? Ka zo min da rasit ɗin fanka! Fankar da aka gyara tun watan jiya!"

Ma'aji ya shiga gyara takardun da ke kan tebur. Daga cikin gida ana jin ƙarar salatif, 'yar tana liƙe kwali.

"Me ya sa ba ka gaya min za ka tafi ba?"

"In ce maka me? A wace takarda zan rubuta shi?" Shugaba ya murza gemunsa da bai aske ba. "Can ɗin ban san kowa ba, Ma'aji. Za su sa ni gaban talabijin, jikoki su riƙa yi min magana da ƙarfi kamar kurma. Ba wanda ya san na taɓa riƙe bat ɗin ƙwallon tebur. A nan ko ba komai akwai Alhamis."

Shekara ashirin da biyu, wannan ce magana mafi nauyi da ta taɓa shiga tsakaninsu, kuma dukansu biyu suka rasa inda za su sa idonsu. Ma'aji yana so ya ce shi ma Alhamis ɗin ce kawai gare shi, cewa sauran kwanakin mai burodi ne abokin hirarsa. Abin da ya fito shi ne, "Ranar Litinin mai zuwa za a rufe rajista."

"Na sani. Ni na koya wa rabinsu riƙe bat."

Shugaba ya ɗauki biron. Bai hura shi ba, bai gyara zama ba. Harafi mai tsayi, tuddai uku, wutsiyar ta zagayo ta ƙasa ta dawo hagu ta ja layinta. Wannan karon bai rufe fayil ɗin ba, ya tura shi a buɗe.

"Ga shi nan. Ka cire ni."

Suka sha lemo duk da ba ranarsa ba ce. Da Ma'aji ya miƙe, Shugaba ya goge 'yar wuƙar a singiletinsa ya miƙa masa tare da sauran lemon a leda, ya ce kaya sun yi yawa, ba wurin sa su. Ƙarya ce, wuƙar ko aljihu ta shiga. Ma'aji ya karɓa ya ce an gode. A bakin get 'yar ta tambaye shi da ido, ya gyaɗa mata kai, ta ce to jibi Laraba da sassafe za su kama hanya.

"Ka riƙa kira," in ji Shugaba daga baranda.

"In sha Allahu."

Duk tsawon zamansu ba su taɓa yin maganar da ta wuce "ina hanya" a waya ba.

Talata ma'aikaciyar ta dubi kwamfuta sau ɗaya kawai, ta buga hatimin karɓa a wasiƙar da kuma kwafin da zai riƙe. "Kun gani, Baba, da ya natsu ai ya yi." Ta karɓi wayarsa ta sa masa manhajar banki, ta ce sabon Shugaba ne ya cike fom ɗinta tun ranar farko, ta nuna masa inda ake dannawa. Ya ce to, to, hankalinsa na wani wuri. Da ya koma gida ya sa kwafin a fayil ɗin kulob. Wasiƙu biyun da aka ƙi karɓa ya kamata ya yaga su, haka yake yi wa duk takardar da ta lalace. Ya sa su a aljihun tebur inda katin asibitin matarsa yake.

Ranar Alhamis da hantsi saƙo ya shigo cewa an kammala canjin masu sa hannu. Ya rubuta cek ɗin rajista da kyakkyawan rubutunsa, ya sa hannu a layinsa, ya goge farar rigar. Ƙarfe uku da rabi ya shirya tsaf, fayil a hammata, ya kira Injiniya.

"Shugaba," ya ce, kalmar ta yi masa nauyi a baki, "ina zan same ka? Gida ko wurin aiki? Ga cek na rubuta."

"Haba Baba, ba sai ka wahala ba! Ai an wuce nan. Ka buɗe manhajar nan ka shigar da biyan, zai zo min nan in amince. Sa hannu biyun ke nan. Daga yau ba inda za ka sake zuwa, kana kwance a ɗakinka za mu gama komai."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, yana ganin alheri ya yi wa dattijo. Ma'aji ya zauna a bakin gado da takalmansa a ƙafa, ya sa tabarau, ya bi abin da ma'aikaciyar ta nuna masa, yana dannawa da yatsa ɗaya. Kafin ya ajiye wayar ta yi ƙara. An amince, an biya. Ya dubi agogon bango, huɗu saura minti goma sha takwas.

Ya ja layi biyu a kan cek ɗin ya rubuta an soke. Ya buɗe lambobin wayarsa ya gangara har inda aka rubuta "Shugaba", lambar tsohon, ya tsaya yana kallo. Ya yi ta neman abin da zai ce ya kira a kai, ko rasit, ko wata takarda, bai samu ba. Ya kife wayar.

Sai ya jawo ledar, ya ɗauki lemo ɗaya da 'yar wuƙar. Bai taɓa fere lemo da kansa ba tun da ya san gida mai shuɗin get. Ɓawon ya tsinke sau huɗu kafin ya kai ƙarshe. Ya raba shi biyu yadda ake yi, ya sha rabi, ya ajiye ɗaya rabin a faranti. Masu walda suka tashi daga aiki suka ja ƙofar shagonsu, rabin lemon yana nan a kan tebur.